Takardar ɗaukaka ƙara a wurin aiki: nuna matakin da aka tsallake

Idan aka miƙa wa ma'aikaci takardar kora ko ta rage matsayi, abin da ya fara zuwa masa a rai shi ne neman wanda zai sa baki. A je wurin wani babba, a tura dattijan unguwa gidan darakta, a rubuta takarda mai cike da rantsuwa da ambaton yawan iyali da shekarun da aka yi ana bauta wa ma'aikata. Ban raina wannan ba, domin mai iyali da aka yanke wa albashi yana cikin tashin hankali na gaske. Sai dai wanda takardar za ta je teburinsa ba shi da ikon soke hukunci saboda tausayi kawai. Abin da ke ba shi wannan iko, har ya tilasta masa yin amfani da shi, shi ne a nuna masa cewa ƙa'ida ta ce a yi abu kaza kafin hukunci, kuma ba a yi ba.

Mu ɗauki misalin da na ƙirƙira don bayani, irin wanda ke faruwa a ofisoshi da yawa. Wani ma'aikacin gwamnatin tarayya ne mai mataki na 8, yana kula da sito a wata ma'aikata. Masu binciken kuɗi suka zo, suka rubuta rahoto cewa lita 2,000 na man janareta ba a ga inda suka shiga ba. Ran 4 ga Maris aka ba shi takardar tuhuma mai layi uku, wadda ta ce ya yi bayani cikin awa 72 a kan “sakaci da aiki”. Ya amsa ran 6 ga wata, ya ce bai san wane mai ake nufi ba, ya roƙi a ba shi kwafin rahoton. Ba a ba shi ba. Aka kafa kwamitin bincike na mutum uku, shugaban sashensa yana ciki. Kwamitin ya saurari direban tanka da mai gadi ran 15 ga Afrilu, shi kuwa ba a kira shi ba sai washegari, shi kaɗai, na ɗan lokaci. Ran 20 ga Yuni aka fitar da takardar kora.

Shin man ya ɓata? Wataƙila. Shin yana da hannu? Mu da muke waje ba mu da hanyar yanke wannan, kuma a nan ne ƙarfin takardarsa yake: su ma waɗanda suka kore shi ba su bi hanyar da za ta kai su ga tabbaci ba.

Duk wanda ya taɓa zama a kotun alƙali ya san i'izari. Kafin alƙali ya yanke hukunci, sai ya juya ga wanda hukuncin zai faɗa wa, a gaban shaidu, ya tambaye shi ko yana da sauran hujja ko suka a kan shaidun da aka kawo. Idan aka tsallake wannan, kotun ɗaukaka ƙara takan rushe hukuncin ko da shaidar tana da ƙarfi. Ƙa'idojin ladabtar da ma'aikata a kan irin wannan tunani suke tafiya. Sashe na 36 na Kundin Tsarin Mulkin Najeriya na 1999 ya tanadi haƙƙin a saurari mutum cikin adalci, kuma kotuna sun daɗe suna karkasa wannan gida biyu: a ji ta bakin wanda ake zargi, kuma kada mai ruwa da tsaki ya zauna a kujerar alƙali.

Wace ƙa'ida ce ke ɗaure da kai?

Kafin a ɗora alƙalami a takarda, dole ma'aikaci ya san littafin da ke mulkin aikinsa, domin matakin da aka tsallake ba a cikin zuciya ake samo shi ba, a rubuce yake a wani wuri. Ma'aikacin tarayya yana ƙarƙashin Dokokin Aikin Gwamnati. Na jiha yana da dokokin aikin jiharsa. Malamin jami'a ko na kwalejin kimiyya da fasaha yana da dokar da ta kafa makarantar da kuma littafin sharuɗɗan aiki. Ma'aikacin banki ko kamfani yana da takardar ɗaukarsa aiki da littafin ma'aikata, wani lokaci da yarjejeniyar da ƙungiyar ƙwadago ta sa wa hannu. Dokar Ƙwadago, a sashe na 7, ta wajabta wa mai ɗaukar aiki ya ba leburan da ta shafa sharuɗɗan aikinsu a rubuce kafin su cika wata uku da farawa. Mutane da yawa sukan karɓi waɗannan takardu su jefa a akwati, ba su sake buɗewa sai ranar da ruwa ya ƙare wa ɗan kada.

Ga mai kula da sito, littafinsa shi ne Dokokin Aikin Gwamnatin Tarayya. A bugun 2008, babi na 3 ne ya yi magana a kan ladabtarwa, kuma doka mai lamba 030307 ce ta jera matakan da ake bi. An sake fitar da sabon bugu na 2021 wanda ya sauya jerin babobin, don haka mai rubutu ya samo bugun da ake aiki da shi lokacin da aka tuhume shi, ya kwafo lambar daga can da idonsa. Kada ya dogara da lambar da abokin aiki ya faɗa masa da ka. Lamba ɗaya da ba daidai ba ta isa ta ba mai neman dalilin watsi da takarda abin riƙewa.

Abin da dokar ta tanada a bayyane yake. Takardar tuhuma ta zama takamaimiya: ta faɗi yadda laifin ya auku, da ƙa'idar da aka karya, da hukuncin da zai iya biyo baya. Idan laifin na iya kai wa ga kora, a ba ma'aikaci damar ganin duk takarda ko rahoton da za a yi amfani da shi a kansa. Idan an kafa kwamitin bincike, kada ya gaza mutum uku, kuma shugaban sashen da ma'aikacin ke aiki ba ya zama ɗan kwamiti. A sanar da shi ranar zama, ya zo ya kare kansa, ya kira nasa shaidun. Idan kwamiti ya kira shaidu, yana da haƙƙin yi musu tambayoyi.

Yanzu a ɗora labarinsa a kan wannan. Tuhumar ba ta ambaci mai ba, balle ranar da ya ɓata, kuma ba ta ce kora na iya biyo baya ba. Rahoton odita, wanda shi ne ginshiƙin zargin, bai taɓa ganinsa ba. Shugaban sashensa ya zauna a kwamiti. An saurari shaidu biyu a bayan idonsa. Giɓi huɗu ke nan, kuma kowanne ana iya tabbatar da shi daga fayil ɗin ma'aikatar kanta, ba tare da an yarda da kalma ɗaya daga bakinsa ba.

Yadda takardar za ta kasance

A ofisoshin tarayya da Turanci ake rubuta irin wannan takarda, amma gininta ɗaya ne a kowane harshe. Ana aika ta ga hukumar da ke da ikon duba hukuncin, a nan Hukumar Kula da Ma'aikatan Gwamnatin Tarayya, ta hannun Babban Sakataren ma'aikatar. A saman takarda a sa suna da lambar fayil da mataki da lambar takardar korar da kwanan watanta. Ga gangar jikinta da Hausa:

“Ranka ya daɗe, ina ɗaukaka ƙara a kan hukuncin kora da aka sanar da ni a takarda mai kwanan wata 20 ga Yuni, wadda ta iso hannuna ran 23 ga Yuni. Dalilina shi ne ba a bi matakan da Dokokin Aikin Gwamnati suka shimfiɗa ba kafin a yanke shi.

“Na farko, takardar tuhumar da aka ba ni ran 4 ga Maris ta ce ‘sakaci da aiki’ kawai. Ba ta faɗi abin da ya faru ba, ba ta ambaci ƙa'idar da na karya ba, ba ta kuma nuna hukuncin da ke jirana ba, alhali dokar ta wajabta duka ukun. Saboda haka na amsa ba tare da sanin abin da nake karewa ba.

“Na biyu, a amsata ta 6 ga Maris na nemi kwafin rahoton masu binciken kuɗi. Har yau ba a ba ni ba, ga shi kuma takardar korar ta ce a kansa aka dogara. Da na gan shi, da na kwatanta shi da littafin shigar kaya na sito da takardun karɓar mai da ke ɗauke da sa hannun waɗanda suka karɓa.

“Na uku, shugaban sashena, wanda shi ne ya kai rahotona, yana cikin kwamitin binciken, abin da dokar ta hana ƙarara.

“Na huɗu, kwamitin ya saurari shaidu biyu ran 15 ga Afrilu ba tare da an sanar da ni ba, ban kuma sami damar yi musu tambaya ba.

“Ina musanta zargin, kuma a shirye nake in amsa shi a gaban kwamitin da aka kafa bisa ƙa'ida. Ina roƙon a soke hukuncin, a mayar da ni bakin aikina da albashina daga ranar da aka tsayar da shi, a kuma ba ni kwafin rahoton da bayanan zaman kwamitin. Na haɗa kwafin takardar tuhuma, da amsata mai hatimin karɓa, da takardar gayyata ta 16 ga Afrilu, da takardar kora.”

Takardar ba ta wuce shafi biyu ba, kuma kowane sakin layi abu uku ya ƙunsa: abin da ƙa'ida ta ce, abin da aka yi da ranar da aka yi shi, da cutarwar da giɓin ya jawo. Wannan na ukun ne aka fi mantawa da shi. Cewa “ba a ba ni rahoto ba” gaskiya ce, amma mai karatu zai iya cewa a ransa, to da an ba ka mene ne zai sauya? Shi ya sa sakin layi na biyu ya faɗi abin da zai yi da rahoton. Ya nuna cewa akwai littafin sito da takardun karɓa da ba a taɓa ɗora su kusa da rahoton ba, wato akwai tambayar da har yanzu ba a amsa ba.

A lura kuma da abin da ba ya ciki. Ba a zagi shugaban sashen ba, ba a ce yana gaba da shi tun shekara kaza ba, ko da kuwa haka ne. An faɗi muƙaminsa da kujerar da ya zauna, dokar ta yi sauran aikin. Zargin ƙiyayya yana buƙatar hujja, kuma idan aka kasa kawo ta sai ya ɓata sauran takardar. Ba a kuma roƙi gafara ba. A al'adarmu ba da haƙuri ladabi ne, mutum kan ce a yafe masa ko bai yi laifi ba don a zauna lafiya. Amma a fayil ɗin ofis, jimlar “ina neman afuwa, ba zan sake ba” amsa laifi ce, kuma wanda ya amsa laifi da hannunsa ya raunana ƙorafinsa na cewa ba a saurare shi ba. Ana iya girmama shugaba matuƙa ba tare da rubuta wannan jimla ba. Wanda kuwa ya san ya aikata, kada ya yi ƙaryar musantawa; ya tsaya a kan matakan da aka tsallake da kuma nauyin hukuncin.

Akwai hujja ta biyar da na bari a waje da gangan. Dokar ta ce a fara a kuma kammala shari'ar ladabtarwa cikin kwana 60, ban da inda maganar ta shafi aikata babban laifi irin na kotu. Daga 4 ga Maris zuwa 20 ga Yuni kwana 108 ne, ya zarce da nisa. Amma ɓatan mai na iya zama zargin sata, sai ma'aikatar ta fake da wannan togiya. Idan za a sa ta, a sa ta a ƙarshe cikin layi ɗaya. Hujja huɗu masu ƙarfi sun fi tara da rabinsu ke rawa, domin mai amsawa yakan zaɓi mafi rauni ya rushe ta, ya yi kamar ya amsa duka.

Abin da kotuna suka yi da irin wannan

Wannan hanya tana da tarihi a Najeriya. A shari'ar Olaniyan da Jami'ar Legas, wadda Kotun Ƙoli ta yanke a 1985, jami'ar ta sallami wasu farfesoshi ta ba su albashin wata shida a madadin sanarwa, bayan an zarge su a rahoton wani kwamiti. Kotun ta ce tunda dokar jami'ar ta shimfiɗa yadda ake cire malami saboda zargin laifi, ba a kauce mata ta hanyar biyan kuɗi, ta kuma mayar da su aikinsu. A 2005 ta yi makamancin haka a shari'ar Iderima da Hukumar Kula da Ma'aikatan Jihar Ribas, inda aka kori ma'aikaci ba tare da bin dokokin aikin jihar ba. A nan Arewa, shari'ar Garba da Jami'ar Maiduguri ta 1986 ta shahara. Ɗalibai ne aka kora bayan tarzomar 1983, ba ma'aikata ba, amma ɗaya daga cikin abubuwan da suka rushe hukuncin shi ne mataimakin shugaban jami'ar, wanda tarzomar ta shafa kai tsaye, shi ne ya jagoranci kwamitin binciken. Mai kula da sito ba ya buƙatar ambaton waɗannan a takardarsa. Sashen shari'a na ma'aikatar ya san su, kuma da ya ga giɓi huɗun nan zai gane inda maganar za ta ƙare idan ta je kotu.

Dole kuma a faɗi iyakar abin, don kada a yaudari kowa. Mayarwa bakin aiki ga wanda doka ce ta kafa sharuɗɗan aikinsa aka fi samunta, wato ma'aikacin gwamnati da aka tabbatar da makamantansa. Ma'aikacin kamfani mai zaman kansa lamarinsa daban ne. Ko da ya nuna an saɓa wa littafin ma'aikata, abin da yakan samu diyya ce, ba kujerarsa ba, domin kotu ba ta cika tilasta wa kamfani zama da wanda ba ya so ba. Kuma a shari'ar Imonikhe da bankin Unity a 2011, Kotun Ƙoli ta nuna cewa a irin wannan aiki, ba da takardar tuhuma da karɓar amsa a rubuce na iya wadatarwa a matsayin sauraro. Saboda haka ma'aikacin kamfani kada ya ce “ba a zauna da ni ba” sai ya nuna shafin littafinsu da ya yi alkawarin zama. Duk da haka, tun bayan gyaran tsarin mulki na 2010 da ya faɗaɗa ikon Kotun Ma'aikata ta Ƙasa a sashe na 254C, kotun tana duba ko an yi wa ma'aikaci rashin adalci a hulɗar aiki, tana kuma yawan tambayar dalilin kora. Takardar da aka rubuta da kyau tun farko ita ce takan zama hujja ta farko a can.

Miƙa takarda da ƙidayar kwanaki

Takarda mai kyau kan mutu a hanya saboda abu biyu. Na farko rashin shaidar miƙawa. A kai kwafi biyu ofishin rajista, a sa a buga hatimin karɓa da kwanan wata da sa hannu a kan wanda zai dawo gida. Idan aka ƙi karɓa, a aika ta kamfanin kai saƙo a adana rasit. Tunda takardar za ta bi ta hannun ma'aikatar da ta yi korar, yana da kyau a aika wani kwafi kai tsaye ga hukumar, don kada ta kwana a aljihun tebur. Kada a ba da asalin kowace takarda, kwafi kawai. Ɗan ƙungiyar ƙwadago ya sanar da shugabannin reshensa tun ranar farko.

Na biyu lokaci. Littattafan sharuɗɗan aiki da yawa suna ƙayyade kwanakin ɗaukaka ƙara, kuma daga ranar da takarda ta iso ake soma ƙirga, shi ya sa mai kula da sito ya rubuta 23 ga Yuni a layin farko. Akwai kuma wani agogon da ya fi wannan haɗari. Dokar Kare Jami'an Gwamnati, a sashe na 2, ta ba da wata uku kacal don shigar da ƙara a kan abin da hukuma ta aikata. Hukunce-hukuncen Kotun Ƙoli sun saɓa wa juna a kan ko wannan wa'adi ya shafi rikicin aiki, amma an sha korar ƙararrakin ma'aikata saboda shi. Jiran amsar koke ba ya tsayar da ƙidayar, haka ma alkawarin “ana dubawa” da ake ji a baki. Idan wata guda ya wuce shiru, a tura takardar tuni, a kuma ga lauya kafin wata na biyu ya ƙare. Kotun Ma'aikata tana da rassa a Kano da Kaduna da Sakkwato da Bauchi, ba sai an je Abuja ba. Haka nan idan aka kawo wata takarda ta kuɗin sallama a ce a sa hannu, a nuna wa lauya tukuna, domin karɓa ba tare da sharaɗi ba na iya zama alamar amincewa da rabuwar.

Idan takardar mai kula da sito ta yi nasara, abin da aka soke shi ne hukuncin, ba zargin ba. Ma'aikatar na iya mayar da shi, ta biya shi albashinsa, sannan ta ba shi sabuwar takardar tuhuma mai cikakken bayani, ta kafa sabon kwamiti ba tare da shugaban sashensa ba, ta miƙa masa rahoton. A wannan zama na biyu babu sauran giɓin da zai nuna, tambayar za ta koma kan lita 2,000 ɗin kansu. Saboda haka tun yana jiran amsa ya kamata ya rubuta, a takardar da zai adana, ranakun da tanka ta kawo mai, da sunayen waɗanda suka sa hannu a takardun karɓa, da tambayoyin da zai yi wa direban da mai gadin, ya kuma nemi a rubuce a killace littafin sito na waɗannan watanni kafin wani shafi ya yi ɓatan dabo.